Hannu biyu a haɗe: alamar 🙏 da yadda Sakkwatawa ke karanta ta

A watan Mayu na 2022 manhajar WhatsApp ta fito da hanyar mayar da martani ga saƙo ba tare da an yi rubutu ba. Mutum ya danne saƙon da yatsa, sai alamomi shida su bayyana: babban yatsa a ɗage, zuciya, fuskar dariya, fuskar mamaki, fuskar baƙin ciki, sai kuma hannu biyu a haɗe. Wanda ya ga sanarwar rasuwa a zauren 'yan uwa ko na abokan aiki, in ya duba shidan nan, biyu kawai za su karɓu, wato fuskar baƙin ciki da hannuwan. Namiji babba kuwa da wuya ya aika fuska mai hawaye. Ta wannan ƙofa alamar 🙏 ta ƙara samun gindin zama a wayoyin mutanen Sakkwato, garin da mafi yawan mutanensa ba haka suke riƙe hannu ba in za su roƙi Allah.

Mutum yana karanta hoton hannu ne da abin da nasa hannun ya saba yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Masallacin Shehu ko Masallacin Bello bayan an sallame, ko ya zauna wurin ɗaurin aure a Kanwuri, ya san siffar addu'a a nan: tafin hannu biyu a buɗe suna kallon sama, a ƙarshe a shafa. Godiya da girmamawa su ma suna da nasu siffofin. Talaka yana dunƙule hannu ya ɗaga wa basarake jinjina yana cewa ranka shi daɗe, yaro yana durƙusa wa babba, tsara da tsara su yi musafaha kowa ya kai hannu ƙirji. Cikin duk waɗannan babu inda tafin dama ke manne da tafin hagu, yatsu suna kallon sama. Siffar baƙuwa ce, kuma baƙo kowa da sunan da yake kiransa da shi.

Asalin alamar daga Japan ne. Kamfanonin waya na ƙasar suka fara sa irin waɗannan hotuna a cikin saƙonni, kuma a wurin Bajapane haɗa hannu abu ne na yau da kullum: yana yi kafin ya fara cin abinci, yana yi in zai roƙi alfarma ko ya ba da haƙuri, yana kuma yi a wurin ibada. A watan Oktoba na 2010 ƙungiyar Unicode, wadda ke ba kowane harafi da kowace alama lambar da dukkan na'urori za su gane, ta shigar da ita da lamba U+1F64F da suna PERSON WITH FOLDED HANDS, ma'ana mutum guda da ya haɗa hannuwansa. Ƙungiyar lamba da suna take bayarwa. Zanen da za ka gani a fuskar wayarka kowane kamfani ne ke yin nasa, kuma daga nan saɓani ya fara. Tsohon zanen Google ya nuna halitta gaba ɗayanta, da fuska da hannuwa. Apple ya zana hannuwan kawai, da wani haske mai ruwan ɗorawa yana tartsatsi a bayansu, hasken da ya cire a 2015. Mai ibada ya ga hasken ya ce annuri ne. Wani kuma ya ce ai ƙarar haɗuwar tafi biyu ce aka zana.

Wannan karatu na biyu a Amurka ya yi ƙarfi, inda 'yan wasa da abokai ke ɗaga hannu sama su tafa don murna. Hoton kansa bai goyi bayansa ba, kuma mai karatu zai iya gwadawa yanzu. Ka fuskanci abokinka ku tafa da hannun dama: babban yatsanka zai kalli gefe guda, nasa ya kalli ɗaya gefen. Ka haɗa naka hannuwan biyu: manyan yatsun za su kwanta tare ta wajen ƙirjinka. Hannuwan da ke cikin alamar dama da hagu ne na mutum ɗaya, kuma hannun rigar da ke jikinsu launi guda ne. Duk da haka, a wayoyi da yawa in ka rubuta high five a wurin neman alama, ita za ta fito, domin masu tsara kalmomin nema suna bin yadda jama'a ke amfani da abu, ko da ya saɓa wa asalinsa.

A Sakkwato wannan karatun bai cika kama ƙasa ba, kuma dalilin yana jikinmu. Muna da tafawa, har mukan ce mu kashe in magana ta yi daɗi, amma tamu a kwance take: ɗaya ya miƙa tafi, ɗayan ya buga daga sama. Tafawar da ake yi a tsaye bisa kai ta samarin da suka taso da kallon ƙwallon Turai ce a gidajen kallo. In ka ga an aiko 🙏 da wannan nufi, mai yiwuwa daga irinsu ta fito, kuma maganar da ke kusa da ita za ta nuna.

Gardamar da ta fi shafarmu tsakanin addu'a take da godiya. Kirista a Sakkwato, wanda ke zuwa majami'ar Holy Family ko wata coci a garin, tun yana ƙarami aka koya masa haɗa hannu in zai yi addu'a, saboda haka a idonsa alamar ba ta da wata ma'ana da ta riga wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Kiristocin farko hannu buɗe suke addu'a, kamar yadda zanen da suka bari a tsofaffin kaburburan Roma ya nuna. Haɗa hannu ya yaɗu ne a Turai ƙarnuka da yawa bayan haka, kuma masana tarihi da dama suna danganta shi da yadda bara ke haɗa hannuwansa ya sa su cikin na ubangidansa ranar mubaya'a.

Bahaushe Musulmi kuwa ta wata hanya daban ya san siffar. Tun wajen shekarun 1950 finafinan Indiya suka shiga gidajen silima na Arewa, kuma wani masani mai suna Brian Larkin ya yi nazari mai zurfi kan yadda suka shiga zukatan Hausawa a Kano. Iyayenmu sun ga jaruma ta haɗa hannu tana gaida surukarta, sun ga talaka ya haɗa hannu yana roƙon mai kuɗi ya yi masa rangwame, sun kuma ga an haɗa hannu a gaban gunki. Daga wannan kallo guda aka gaji fahimta biyu masu karo da juna. Wasu suka riƙe gaisuwa da magiya, shi ya sa mace za ta rubuta wa 'yar uwarta "don Allah Yaya ki yi haƙuri" ta biyo da 🙏 ba tare da ta ji ta taɓa addini ba. Wasu suka riƙe gunkin, kuma su ne ke gargaɗin cewa amfani da alamar kwaikwayon ibadar wasu ne.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi. A zauren ma'aikatan wani ofis a Sakkwato an sanar da rasuwar mahaifin ɗaya daga cikinsu, za a yi jana'iza bayan la'asar a Mabera. Abokiyar aikinsa Kirista ta danna 🙏, nufinta tana yi masa addu'a. Wani saurayi Musulmi ya danna ita, nufinsa amin ga addu'ar da mai sanarwa ya rubuta, ya kuma zaɓe ta ne don ita ce a kusa. Wani dattijo ya gani bai ji daɗi ba, ya rubuta a fili: "Allah shi jiƙan shi, shi ba ku haƙuri," ya sa 🤲. Da dare mai rashin ya dawo ya rubuta "na gode," ya sa 🙏. Alama guda ta yi aiki uku a rana ɗaya, kuma babu wanda ya yi niyyar ɓata wa wani.

Yaya mutum zai gane wace ake nufi? Abu na farko shi ne wurin da ta faɗo. In ta biyo bayan an yi wa mutum alheri, an tura masa kuɗi ko an amsa masa tambaya, godiya ce. In ta zo a ƙarshen buƙata, magiya ce. In ta zo ƙarƙashin labarin ciwo ko mutuwa, mai aikowa addu'a ko jaje yake nufi. Abu na biyu shi ne sanin mai aikowa, da irin hannun da ya taso yana gani. Inda ake samun matsala shi ne in ta zo ita kaɗai, babu kalma ko ɗaya, daga wanda ba ka sani ba sosai, ko daga yaro zuwa babba. Dattijon da ya saba a zo har zaure a durƙusa a yi masa gaisuwa, in ɗan ƙanensa ya aiko masa hoton hannu kawai, abin da zai karanta shi ne gajen ladabi, ko da wace ma'ana yaron ya ɗauka.

Ga mai son alamar da ta yi daidai da addu'arsa, akwai ta. A 2017 Unicode ta ƙara 🤲, tafi biyu a buɗe suna kallon sama, mai lamba U+1F932, a zubi guda da alamar mace mai lulluɓi wadda wata yarinya 'yar Saudiyya, Rayouf Alhumedhi, ta nemi a sa. Shekara bakwai ke tsakanin alamomin biyu, kuma a cikin shekarun nan yatsun mutane suka saba da ta farko, har ta kai matsayi na shida a jerin alamomin da aka fi amfani da su a duniya a 2021. Ta biyun ba ta cikin shidan da WhatsApp ya fara da su, amma tun watan Yuli na 2022 ana iya danna alamar + a zaɓo ta.

Ra'ayina shi ne masu gargaɗi suna da gaskiya a wuri guda: Musulmin da ke nufin addu'a ya fi dacewa ya zaɓi hoton da ya yi kama da addu'arsa, tunda dannawa biyu kawai ta raba shi da shi. Inda ba na tare da su shi ne saurin yanke wa mai aikowa hukunci, domin wanda ya haɗa hannu a Japan yana ba da haƙuri, da wadda ta aiko ta daga Runjin Sambo tana godiya, ba su yi ibadar kowa ba. Maƙwabcin da ya aiko ta yana yi maka addu'a irin tasa kuma alheri ya nufe ka da shi, a karɓa da kyakkyawan zato. A wurin ta'aziyya da gaida mara lafiya da magana da manya dai, ɗan uwa mai karatu, ka rubuta addu'arka da kalmomi, in da hali ka taka ka je gidan.