A Daina Buga Mana Labari a Kan Takardar Fotokwafi

Tun da marubutanmu suka fara barin ƙananan littattafai masu kashi na ɗaya da na biyu da na uku suka koma fitar da labari a dunƙule, wata ɗabi'a ta shigo wadda ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Marubuci zai shafe shekara yana tsara labari, ya kashe kuɗi a kan bango mai sheƙi, sannan ya ce wa mai maɗaba'a a sa masa farar takarda giram 80, irin wadda ake fotokwafin takardun makaranta da ita. A ganinsa fari fat shi ne inganci, nauyi kuma shi ne daraja. Na san inda wannan tunani ya samo asali. Shekara da shekaru ana buga littattafan kasuwar Kano a kan takardar jarida mai giram 45 zuwa 50, wadda ba ta daɗewa take komawa ruwan ƙasa ta fara karyewa, don haka wanda ya tsere mata yana son ya yi nisa da ita iyakar iyawarsa. Sai dai gudun ya wuce gona da iri. Littafin labari ba takardar neman aiki ba ce, kuma farar takarda giram 80 tana cutar da shi ta fuskar ido da hannu da aljihu.

Mu fara da ido, domin shi ne yake shan wahalar. Wannan farin da yake ɗaukar hankali a kanti ba na asalin ɓawon itace ba ne. Ana zuba wa takardar wani sinadari da ke tsotse hasken da ido ba ya gani ya mayar da shi haske mai ratsin shuɗi, shi ya sa take ƙara ƙyalli idan aka fito da ita rana. Ga wasiƙa mai shafi ɗaya wannan ba laifi ba ne. Amma mai karanta labari yakan zauna awa biyu ko uku, sau da yawa a tsakar gida da hantsi ko ƙarƙashin fitilar caji mai farin haske, yana bin baƙaƙen haruffa ƙanana a kan shafin da ke haska masa fuska. Takarda mai ruwan madara, wadda 'yan maɗaba'a ke kira kirim, tana sassauta wannan karo tsakanin tawada da shafi ba tare da rubutun ya dushe ba. Duba littattafan ƙagaggun labarai da manyan kamfanonin ɗab'i na duniya ke fitarwa: akasarinsu a kan irin wannan launi suke, su kuwa ba kuɗin farar takarda suka rasa ba.

Sai maganar nauyi, inda ruɗanin ya fi yawa. Idan aka ce giram 80, ana nufin nauyin takarda mai faɗin murabba'in mita ɗaya, ba kaurinta ba. Mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, alhali takardu biyu masu giram ɗaya suna iya bambanta sosai a kauri, gwargwadon yadda aka danne su a masana'anta. Farar takardar ofis a danne take, falle ɗaya na giram 80 kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Takardar da aka yi musamman don littafi kuwa a sake take, da iska a cikinta, har mai giram 70 tana iya fin wannan kauri.

A ɗauki littafi mai shafi 240 a girman A5, wato falle 120. Falle 32 na A5 ne ke cika murabba'in mita ɗaya, don haka kowane kwafi yana cin murabba'in mita 3.75. A kan giram 80 cikin littafin zai kai giram 300, a kan giram 70 kuwa kimanin giram 263. A kwafi 1,000 bambancin ya kai kilo 37 da rabi, kashi ɗaya cikin takwas na dukan takardar ke nan, kuma marubuci ne zai biya shi sau biyu: wajen sayen rim, da wajen dakon kwalaye daga Kano zuwa Sakkwato ko Maraɗi. To me ya saya da wannan ƙarin? Gadon bayan littafinsa zai yi kusan milimita 12. Wanda ya sa sakakkiyar takardar kirim mai giram 70 yana iya samun milimita 14 ko 15, littafinsa ya fi cika ido a kanta, ya kuma fi sauƙin riƙewa da hannu ɗaya. Shi kuwa mai giram 80, idan aka haɗa shi da gam, sai ya yi tauri kamar allo, ya ƙi buɗuwa, mai karatu ya danne shi da ƙarfi har gam ya tsage, fallaye su fara zubewa. Abin yakan fi muni idan aka yanka takardar a karkace da jijiyarta, domin kamata ya yi jijiyar ta bi tsawon gadon baya. Gane wannan ba wuya: lanƙwasa falle ta tsaye, ka lanƙwasa ta kwance, ɓangaren da ya fi saurin yarda nan jijiyar ta bi.

Za a ce takardar kirim ta fi tsada kuma ba kullum ake samunta ba. Gaskiya ne. Masana'antun takarda na Jebba da Oku-Iboku da Iwopin ba su riƙe ƙasar ba, yawancin takardar ɗab'i daga waje take zuwa, kuma dillali abin da ke saurin fita yake ajiyewa. Amma lissafin da ke sama yana da amsa: ko da kilon kirim ya fi na fara tsada da kashi 14 cikin ɗari, mai sauka daga giram 80 zuwa 70 bai yi asarar ko sisi ba. Na kuma yarda cewa littafin makaranta mai hotuna da taswira farar takarda ce tasa, kuma wasu takardun kirim masu araha suna yin ja idan shekaru suka ja. Wannan duk bai wanke ɗora labarin soyayya mai shafi 300 a kan takardar fotokwafi ba.

Kada kuma wani ya ji wannan ya faɗa ɗaya ramin, ya sayi farar giram 60 don tsimi. Wannan takarda rubutun bayanta yakan leƙo ta gaba, shafi ya yi dishi-dishi, musamman idan tawada ta yi yawa. Abin da ke hana haka shi ne duhun jikin takarda, kuma ba a gane shi daga lambar da ke jikin kwalin rim. Ana gane shi ne da gwaji: a buga shafi gaba da baya, a ɗora shi a kan wani bugaggen shafi, a duba a hasken da mutane ke karatu a ciki. Idan ana iya karanta kalmomin baya, takardar ba ta yi ba komai arharta.

Don haka, 'yan'uwa marubuta, kafin ku biya kafin alƙalami ku nemi mai maɗaba'a ya haɗa muku littafin gwaji na fallaye marasa rubutu, da adadin shafukanku, ɗaya da fara giram 80, ɗaya da kirim giram 70. Ku riƙe kowanne a hannu, ku buɗe shi a tsakiya, ku ɗora shi a sikeli, ku nemi farashin kowanne a rubuce, sannan ku zaɓa.