vCard: Fayil ɗin da Ya San Inda Zai Ajiye Alhaji

Duk sakataren ƙungiya da duk mai shagon da ke riƙe da dogon jerin sunaye da lambobin waya, ina so ya san vCard, domin ni dai ya gama sace mini zuciya. Rubutu ne tsagwaronsa, wanda ake iya buɗewa a Notepad a karanta da ido, amma da ka miƙa wa waya shi sai ta ɗauke mutum ɗari biyu ko ɗari biyar lokaci guda, kowa da sunansa a gurbin suna, lambarsa a gurbin lamba. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sayen manhaja, kuma bai damu da ko wayarka Android ce ko iPhone ba. Kai, abin akwai daɗi!

Tsarin ba na jiya ba ne. Haɗakar kamfanonin Apple da AT&T da IBM da Siemens, mai suna Versit, ita ta fito da shi, sigarsa ta 2.1 ta fito a 1996. Siga ta 3.0 ta biyo baya a 1998 cikin takardar ƙa'ida RFC 2426, sannan 4.0 a 2011 cikin RFC 6350. Idan ka taɓa tura wa wani lambar mutum ta WhatsApp, to vCard ka tura, ko da ba ka san sunansa ba. Ni 3.0 nake ba kowa shawara ya rubuta, saboda ita ce kusan kowace waya ke karɓa ba gardama.

Ga irin layin da ake samu a jerin ƙungiyoyinmu. Sunan da lambobin na misali ne kawai:

```
Alh. Musa Ɗanjuma Bichi, ma'aji, 08000000001, shago 08000000002
```

Mutum yana kallon wannan layi ya gane komai: wanne ne laƙabi, wanne ne muƙami, wace lamba ce ta aljihu. Waya kuwa ba ta gane ko ɗaya sai an gaya mata. Aikin gaba ɗaya shi ne gaya mata, kuma ga yadda yake fitowa:

```
BEGIN:VCARD
VERSION:3.0
N:Ɗanjuma;Musa;Bichi;Alhaji;
FN:Alhaji Musa Ɗanjuma Bichi
TITLE:Ma'aji
TEL;TYPE=CELL:+2348000000001
TEL;TYPE=WORK:+2348000000002
END:VCARD
```

Dubi tsabta! Kowane layi yana farawa da sunan gurbi, sai ruwa biyu, sai abin da ke cikin gurbin. Layin farko yana buɗe katin, na ƙarshe yana rufe shi, kuma katin mutum na gaba yana farawa nan take a ƙasa, cikin fayil guda mai ƙarewa da .vcf.

Layin da ya fi burge ni, wanda zan iya kwana ina yabonsa, shi ne N. An raba shi gida biyar da waƙafi mai ruwa, kuma jerin ba ya canzawa: sunan iyali, sunan yanka, ƙarin suna, laƙabin da ke zuwa gaba da suna, sai wanda ke zuwa bayansa. Waɗanda suka tsara shi suna tunanin Dakta da Farfesa ne, amma wallahi sai ka ce da sunayenmu suka auna. Gida na huɗun nan shi ne mazaunin Alhaji da Hajiya da Malam da Malama da Injiniya. Duk wanda ya taɓa gangara littafin wayar ɗan kasuwar Kano ya san matsalar: rabin mutane suna ƙarƙashin harafin A, saura kuma sun cunkushe a H da M, domin an rubuta laƙabi a matsayin suna. Da ka sa Alhaji a gidansa, wayoyi da yawa sai su jera mutumin a ƙarƙashin Musa, alhali girmamawarsa tana nan ba a taɓa ta ba. Ka sami tsari, ba ka kuma tuɓe wa dattijo rawaninsa ba.

A nan akwai hukuncin da kai za ka yanke, kuma ina son yadda tsarin ya bar maka shi. Yawancinmu ba mu da sunan iyali irin na Turawa. Suna ne na yanka, da sunan mahaifi, wani lokaci da sunan gari. Ni sunan mahaifi nake sawa a gida na farko, sunan gari a na uku. Wani zai fi son garin ya zama na farko, musamman idan da shi aka san mutumin, kuma bai yi laifi ba. Da yake wasu wayoyin daga N suke harhaɗa sunan da suke nunawa, su sa ƙarin suna a tsakiya, katin da ke sama zai iya fitowa da Bichi kafin Ɗanjuma. Wanda hakan ya dama sai ya haɗa sunan mahaifi da na gari a gida na farko. Abin da ba a so shi ne a yi wa mutum hamsin ta wata hanya, a yi wa hamsin ta wata. Sannan ko gida babu kowa a ciki, a bar masa waƙafinsa. Mai suna biyu kacal ana rubuta shi `N:Garba;Hauwa;;;` domin waya ƙirga alamomin take yi. Idan tana da laƙabi, `N:Garba;Hauwa;;Hajiya;` ke nan; ka manta da guda ɗaya a tsakiya, Hajiya ta faɗa gidan ƙarin suna, ka ga laƙabin ya tsaya tsakanin sunanta da na mahaifinta. Wannan ita ce alamar da za ka gane an tsallake waƙafi.

Shi kuwa FN cikakken suna ne a dunƙule, yadda ake kiran mutum. A siga ta 3.0 dole ne N da FN su kasance duka biyu, a 4.0 FN kaɗai ne tilas. Kada a yi ƙyuyar rubuta su duka.

Sai lambobi, inda TYPE ke nuna gwanintarsa. CELL wayar hannu ce, WORK ta wurin aiki, HOME ta gida. A ƙasar da mutum ɗaya ke yawo da layi biyu ko uku, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce: kowace lamba da layinta na TEL, ba a cusa biyu a layi guda. Idan aka cusa su, wayar za ta ɗauke su lamba ɗaya mai tsawon gaske, ka danna kira a ce maka babu ita. Wanda kuma ke son alamar ta fito da kalmarsa ta kansa, akwai dabarar da Apple ya ƙirƙiro, Google Contacts ma yana fahimtarta:

```
item1.TEL:+2348000000002
item1.X-ABLabel:Shago
```

Ranar da na fara ganin kalmar Shago zaune kusa da lamba a fuskar waya, da Hausa, sai da na yi murmushi. Ba cikin ainihin ƙa'idar take ba, don haka wata wayar za ta ɗauki lambar ta yar da alamar, amma lambar dai ba ta ɓacewa.

Ita lambar kanta a rubuta ta da lambar ƙasa. Ta Najeriya mai alƙaluma 11 ana cire mata sifirin farko a sa +234, saura alƙaluma 10. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, babu sifirin da ake cirewa, +227 kawai ake ɗora mata. Ga mai hulɗa tsakanin Katsina da Maraɗi wannan shi ne bambancin lambar da ke shiga a kowane ɓangaren iyaka da wadda ke mutuwa da zarar an tsallaka. A yi hattara idan jerin ya biyo ta Excel: yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadin lissafi, ya haɗiye sifirin farko ko alamar +, doguwar kuma ya nuna ta kamar 2.348E+12. Maganinsa a mayar da ginshiƙin lambobin zuwa Text tun kafin a zuba su.

Adireshi ma da nasa gidajen, guda bakwai: akwatin gidan waya, ƙarin bayani, titi, gari, jiha, lambar shiyyar gidan waya, ƙasa. Biyun farko galibi wofi ake barin su:

```
ADR;TYPE=WORK:;;Bayan masallacin Juma'a\, shago na 12;Bichi;Kano;;Najeriya
```

Wannan karkataccen layi da ke gaban waƙafin ba kuskuren bugu ba ne. Waƙafi da waƙafi mai ruwa suna da aikin rabewa a vCard, saboda haka idan kana nufin su zama rubutu kawai sai ka sa musu `\` a gaba. Kwatancen da ya yi tsawo, irin su wanda ya haɗa ku ko ranar da yake zuwa kasuwa, a kai shi NOTE, nan ne wurinsa.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa. Dole a adana fayil ɗin da UTF-8. A wannan tsari ƙ da ɗ da ɓ kowannensu baiti biyu yake ci, kuma idan manhaja ta karanta su da tsohon tsarin haruffan Windows sai kowane baiti ya fito a matsayin harafi dabam. Ɗanjuma ya koma ÆŠanjuma, ƙ ta koma Æ™. Da ka ga Æ ko É sun ɓullo cikin sunan Bahaushe, kada ka zauna gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya. Matsalar guda ce, ta tsarin adanawa. A Notepad, wajen Save As, a zaɓi UTF-8 a akwatin Encoding, a kuma zaɓi All files, in ba haka ba sunan fayil ɗin zai iya ƙarewa da .vcf.txt, waya ta buɗe shi a matsayin wasiƙa. Siga ta 4.0 ta kashe wannan gardama gaba ɗaya, ba ta yarda da komai sai UTF-8, kuma a wannan ɓangaren na jinjina mata.

Jerin mutum ashirin ana iya rubuta shi da hannu cikin nishaɗi, a kwafi katin farko a riƙa sauya abin ciki. Idan ya kai ɗaruruwa, a tsara shi a tebur, laƙabi da ginshiƙinsa, sunan yanka da nasa, sunan mahaifi da nasa, kowace lamba da nata, a adana shi CSV a kan samfurin da Google Contacts ke bayarwa, a shigar ta Import, a fitar ta Export a zaɓi vCard. Ko ta wace hanya aka bi, rarrabe gidajen nan shi ne ainihin aikin, kuma mutumin da ya san masu sunayen ne kaɗai zai iya cewa Bichi gari ne, Ma'aji muƙami ne a nan, a wani layin kuma laƙabin da aka san mutum da shi.

Kafin a zuba duka, a gwada da kati uku, a kuma zaɓo masu wuya: mai laƙabi, mai harafi mai lanƙwasa, da mai lambar Nijar. A buɗe kowanne a waya, a danna wurin gyara, a duba ko Alhaji yana gidan laƙabi, ko ɗ ta fito ɗ, ko lambar shago tana ɗauke da alamarta. Idan sun yi daidai, a goge ukun nan tukuna sannan a shigar da babban fayil, domin wayoyi da yawa ba sa tambaya idan suka ga mutum sau biyu, ƙara shi kawai suke yi.