Uwar Takarda da 'Ya'yanta: Gwanintar Neman Aiki a Wurare da Yawa

Matashin da ya gama bautar ƙasa yakan aika takardar neman aiki wurare barkatai a cikin wata guda, kuma ba mai lokacin rubuta kowace daga farko. Abin da yawanci ake yi shi ne a buɗe takardar jiya, a goge sunan banki, a sa na makaranta, a tura. A nan ake yin ɓarin. Takardar jiya cike take da sawun masu ita, ta jibi kuma za ta gaji sawun wurare biyu.

Akwai wata mai buga takardu a wani shagon kwamfuta da ke unguwarmu wadda aikinta yake burge ni, domin ba ta taɓa cire sabuwar takarda daga wadda aka riga aka aika. Tana da uwar takarda guda, wadda babu sunan kowa a cikinta. Duk inda suna zai shiga, ta bar gurbi da manyan baƙaƙe, ta shafa masa ruwan ɗorawa:

```
XXRANA
XXADIRESHI
XXMUKAMI
XXKAMFANI
```

Me ya sa XX? Saboda da wuya ka ga kalmar da ta ƙunshi haruffan nan biyu a jere cikin takardar neman aiki. Idan ta gama cikewa sai ta danna Ctrl+F ta nemi XX. In kwamfuta ta ce babu, ba gurbin da aka manta.

Ga misali. Wani ɗan aikin akanta ya zo yana neman aiki wuri biyu, banki da wata ƙungiyar agaji. Ba ta fara da rubutu ba. Save As ta fara yi, ta ba kwafin sunan mai takardar da na ƙungiyar, don kada hannu ya taɓa uwar. Sannan ta danna Ctrl+H, ta musanya XXKAMFANI da sunan ƙungiyar, wanda ta kwafo daga tallar aikin harafi da harafi, ba daga bakin yaron ba. Word yana faɗin adadin wuraren da ya musanya. Ita kuwa ta san sau uku gurbin yake a uwar takardarta: a adireshi, a sakin layi na farko, da na ƙarshe. In ta ga biyu, sai ta tsaya ta bincika. Da gangan ta taƙaita shi zuwa uku, domin yawan maimaita suna ba ya ƙara wa takarda daraja, ƙofar kuskure kawai yake ƙarawa.

Amma inda gwanintar take da gaske shi ne abin da Ctrl+H ba ya gani. Suna zai iya zama daidai, takardar kuma ta tona kanta. Yaron ya so a sa jimlar da ke cewa zai taimaka wajen ƙara riba da jawo abokan ciniki. Ta ce masa, "Ƙanena, waɗannan ba riba suke nema ba. Me ka taɓa yi da kuɗin jama'a?" Ashe shi ne ma'ajin ƙungiyar masu bautar ƙasa a garin da ya yi hidima, har ya riƙa rubuta rahoton kuɗi duk wata. Wannan aikin ne ya shiga sakin layi na tsakiya a takardar ƙungiyar agajin, zancen riba kuma ya tafi ta banki. Wannan sakin layi na tsakiya ba ta ajiye shi a uwar takarda ko kaɗan. Fili take bari, a rubuta shi sabo kowane karo, tallar aikin tana buɗe a gefe. Haka take bin gaisuwa, ko namiji ake rubuta wa ko mace, da lambar talla idan akwai, da kalmomi irin su "bankinku" ko "makarantarku" da ke maƙalewa a tsakiyar jimla.

Akwai kuma maɓoya da ido ba ya kaiwa. Ɗaya ita ce sunan fayil, kuma shi mai ɗaukar aiki yake fara gani. Wata ita ce Title da ke ƙarƙashin File sannan Info: tsohon suna yakan kwana a can, ya bi takardar zuwa PDF, ya fito a saman allon mai karantawa. Shi ya sa take barin wurin babu komai.

Karatun ƙarshe a kan PDF ɗin take yi, ba a Word ba, tun da shi ne zai tafi. Takarda ɗaya take buɗewa a lokaci guda, ko da layi ya kai bakin ƙofa. In an matsa mata sai ta ce sauri ya haifi nawa. Adireshin imel kuwa shi take sawa daga ƙarshe, bayan ta liƙa fayil ta sake buɗe shi daga cikin saƙon.

Mai karatu, in kana da tsohuwar takarda da kake ta jujjuyawa, zauna yau ka cire mata sunaye ka mayar da ita uwa kafin ka sake aika wata.