Gwanintar jera matsakaita uku

Ɗan kabu-kabu ya tashi daga Maraɗi zuwa Tibiri da gudun kilomita 40 a awa, ya dawo da lodin gero yana lallaɓawa da kilomita 10 a awa. Kowa zai ce matsakaicin gudunsa 25 ne. To, ba haka ba ne. Mu ɗauka tazarar kilomita 10 ce: zuwa minti 15, dawowa awa guda cur. Kilomita 20 a awa ɗaya da kwata, 16 ke nan a awa, domin tafiyar hawainiyar ce ta cinye mafi yawan lokacin.

Lambobi biyu, a da b, suna da matsakaici fiye da ɗaya. Na aritmetik, A = (a+b)/2, shi ne 25 ɗin nan, irin wanda ake fitar wa ɗalibi da makinsa. Na harmonik, H = 2ab/(a+b), shi ne 16. Tsakaninsu akwai na jeyometirik, G = √(ab), wanda manomin Jiratawa zai gane nan take: fili mai tsawon mita 40 da faɗin 10, in an maida shi murabba'i ba a rage ƙasa ba, kowane gefe mita 20 zai zama. In kuwa shingen mita 100 da ya kewaye shi aka sake kafawa a murabba'i, gefen 25 ne.

Wato 16, 20, 25. Abin da ke burge ni shi ne yadda gwanin malamin lissafi ke nuna cewa ba dace aka yi ba, haka jerin yake kullum, da alli kaɗan.

Yana farawa da abin da ba mai musu: lamba in an ninka ta da kanta ba ta kasa sifili. Saboda haka (√a − √b)² ≥ 0. Ya warware baka, ya sami a + b − 2√(ab) ≥ 0. Ya ƙetarar da na ƙarshen, ya raba biyu: A ≥ G.

Rabi na biyu ya fi daɗi, don ba ya sake wani sabon aiki. Ninka H da A kawai yake yi, sai (a+b) da 2 su kashe juna, a bar ab, wato G². Duba: 16 sau 25 ɗari huɗu ne, 20 sau 20 ma haka. Ke nan H = G × (G/A). Tunda G/A bai wuce ɗaya ba, H ba zai wuce G ba.

Ukun ba sa zama daidai sai in a = b, don a nan kaɗai abin cikin baka ke zama sifili. Sharaɗin kuma shi ne lambobin su haura sifili. Gwada −10 da −40: A ya koma −25, G yana nan 20, jerin ya kife, domin √a da hujjar ta dogara a kai babu shi.