Alkawari a Rubuce: Nazarin Kalmomin Fostar Buɗe Shagon Tela

Fostar buɗe shagon ɗinki, wato takardar sanarwa da ake bugawa a liƙa a bango ko a ƙofar shago, ƙaramin rubutu ce da ba ta cika wuce layi bakwai ba, amma nauyin da ke kanta ya fi girmanta, domin sana'ar da take tallatawa ta yi ƙaurin suna wajen saɓa alkawari, musamman a ƙarshen azumi lokacin da ɗinkin Sallah ke taruwa. Abin da tela ya saba faɗa da baki, ya kuma warware shi da ban haƙuri, fosta ce ke mayar da shi shaidar da mai kaya zai iya nunawa da yatsa.

Kanun fosta, wato layin farko mai manyan haruffa, aikinsa shi ne ya sanar da mai wucewa a kan babur ko a cikin adaidaita sahu abin da aka buɗe kafin ya gifta. Saboda haka "Sabon Shagon Ɗinkin Maza" ya fi "Albishirinku Jama'a" amfani, ko da yake na biyun ya fi daɗin kunne kuma ya samo asali daga salon shela da tallan rediyo, inda mai sauraro ke da lokacin jiran bayani. A gari irin Kano, inda unguwar Fagge kaɗai ke cike da teloli, kalmar "ɗinki" ba ta isa ta bambanta shago ba sai an biyo ta da abin da ake yi, kamar kaftani da jamfa da babbar riga, ko kuma atamfa da leshi da ankon biki. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne masu buga takarda su yar da lanƙwasar harafi, "ɗinki" ya koma "dinki", "ƙarfe" ya koma "karfe", don haka ya dace tela ya duba rubutun a kan kwamfuta kafin a buga.

Layin rangwame ne ya fi jefa sabon tela cikin matsala. A ɗauka cewa tela yana da keke ɗaya da yaron shago ɗaya, yana gama kaftani 2 a rana, wato 12 a kwana 6 na aiki, sai ya rubuta "Ragin kashi 20 cikin 100" bai sa iyaka ba. Idan aka kawo masa kala 30 a makon farko, ya ɗauki aikin kwana 15 ke nan, alhali kowane mai kaya yana tsammanin nasa cikin mako guda, tun ba a lissafa ranakun da aka ɗauke wuta guga ta tsaya ba. Da ya rubuta "Ragin kashi 20 cikin 100 ga kala 12 na farko", da ya ɗaure alkawarinsa da ƙarfin kekensa. Haka nan wajibi ne a fayyace ko ragin ya tsaya ga kuɗin ɗinki ne ko ya haɗa da kuɗin aiki, wato adon zare da ake yi a wuya da aljihu, domin teloli da yawa suna miƙa wannan ga wani mai injin daban su biya shi cikakken farashi, ta yadda ragin da ya shafi aikin daga aljihun tela zai fita. Rubuta farashi da naira yana jawo hankali, sai dai fosta tana daɗewa a bango bayan kuɗin zare da na man janareta sun tashi, shi ya sa ranar ƙarewar rangwame ta cancanci layinta.

A wajen lokutan buɗewa, magana ta baki tana auna yini da salloli, kamar "bayan La'asar", fosta kuwa tana buƙatar agogo tare da "na safe" ko "na yamma". Misalin da ya wadatar shi ne "Asabar zuwa Alhamis, ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, Juma'a, daga ƙarfe 3 na rana". Wanda ya rubuta "kullum a buɗe" ya yi alkawarin da Juma'ar farko za ta karya.

Lambar waya ita ce ta ƙarshe, kuma girmanta ya kamata ya bi na kanu. Lambar salula a Nijeriya tana da alƙaluma 11 da ke farawa da sifili, tana kuma sauƙin kwafa idan aka raba ta gida uku, huɗu da uku da huɗu, yayin da ta Nijar mai alƙaluma 8 aka saba raba ta bibbiyu. Lamba ɗaya da ake ɗagawa ta fi uku da aka jera, kuma idan tana kan WhatsApp ya kamata a faɗa, tun da ta nan ne masu kaya ke turo hoton salon da suke so. A shagon ɗinkin mata, ƙara cewa mace ce ke ɗaukar awo yana amsa tambayar da matan aure da dama za su fara yi idan sun kira wannan lamba.