Rantsuwar Dillali Ba Takardar Izini Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ƴan uwa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a nan Nijar: mutum ya tara kuɗin Hajji shekara da shekaru, sai ya damƙa wa dillali don kawai suna sahu ɗaya a masallaci. In ka ce ya nemi takarda, sai ya ce: «Haba, ai Alhaji ne!» Wannan sakaci ne, ba tawakkali ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi tare da shaidu. To ina ga miliyoyin maniyyaci?

A ƙasarmu hukumar COHO ce ke kula da Hajji da Umra, ita ke bai wa kamfanoni izinin jigilar alhazai. Saboda haka hujjar farko ita ce takardar izini ta bana, ba ta bara ba. Kada mu tsaya ga hoton takarda a salula, domin ana iya ƙirƙirarsa. Mu tambayi hukumar ko sunan kamfanin yana cikin jerinta. In mutumin ya ce shi wakili ne, mu je ofishin kamfanin da ƙafarmu, su tabbatar nasu ne.

Hujja ta biyu ita ce rasit da yarjejeniya. Kuɗi su shiga asusun banki mai sunan kamfanin, ba aljihun wani ba. Yarjejeniyar kuma ta faɗi jirgi, masauki a Makka da Madina, da yadda za a maido kuɗi in tafiya ta fasa.

Ta uku ita ce bizar kanta. A ce dillali ya zo da farashi rabin wanda hukuma ta sanar, ya ce yana da «hanya». Ya kawo biza ta gaskiya, da sunanka da lambar fasfonka, amma a gurbin nau'i an rubuta «زيارة», wato ziyara. Wannan ba ta ba ka damar Hajji, haka ma bizar Umra. Ba za ka samu katin Nusuk ba, ba ka da tanti a Mina, ba ka da mota zuwa Arfa. Ɗalibanmu da ke karanta Larabci, ku duba wa iyayenku wannan gurbin, kalmar da ake nema ita ce «حج».

Abin ba wasa ba ne. A Hajjin 2024, Saudiyya ta ce alhazai 1,301 sun rasu cikin tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000.

Muna kira ga limamai da kwamitocin masallatai: kada a ba kowa lasifika ya tallata kujera sai an tabbatar da izininsa. Mai gaskiya ba ya fushi don an ce ya nuna takarda. Allah Ya kai mu ɗakinSa ta hanyar halal, amin.