Zanen Salsala a Gidan Yawa: A Fara da Ɗakuna

Salsalar da muka gada a ƙasar Hausa ta baki ce, kuma layi ɗaya take bi: wane ɗan wane, jikan wane. Ta wadatar wajen sanin tushe da gadon sarauta. Amma da zarar an ɗora ta a takarda yadda take, sai a ga sunan uba a sama, 'ya'ya ashirin sun jeru a ƙarƙashinsa, babu uwa ko ɗaya. A gidan yawa kuwa, uwa ce ke bambanta dangantaka. Don haka nake ganin zanen da bai nuna ɗakuna ba ya ɓoye rabin labarin gidan.

Mu ɗauki gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817. Jerin sarakunan Sakkwato zai nuna Muhammadu Bello ya gaji mahaifinsa, sannan ƙanensa Abubakar Atiku ya hau a 1837. Abin da jerin ba ya faɗa shi ne su biyun 'yan ɗaki ɗaya ne, ɗakin Hauwa'u. Nana Asma'u kuma, wadda aka haifa a 1793 tare da ɗan tagwaicinta Hassan, 'yar ɗakin Maimuna ce. Ke nan ita da Bello uba suka haɗa, duk da shaƙuwar da tarihi ya shaida a tsakaninsu.

Ga yadda za a zana wannan. A sa Shehu a cikin murabba'i, alamar namiji, a sa Maimuna da Hauwa'u kowace a cikin da'ira, duk a jeri ɗaya da shi. Daga gare shi a ja wa kowace mace nata layin a kwance. Wannan shi ne aure. Layin 'ya'ya kuma daga tsakiyar layin auren zai sauko, ba daga jikin uba ba. Nan ne yawancin masu zane ke tuntuɓe. Bello da Atiku za su rataya a layin Hauwa'u, Asma'u da Hassan a na Maimuna, babba a gaba, ƙarami na biye. Idan aka zo ga Asma'u, sai a ja mata layin aure zuwa ga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ɗansu Abdulƙadir ya sauko jeri na gaba, sahu ɗaya da Aliyu Babba ɗan Bello. Kowane tsara da jerinsa, ko da jika ya girmi ɗan auta.

Gwajin zane mai sauƙi ne. Ɗora yatsa kan kowane yaro ka bi layi sama. Idan bai kai ka ga mutum biyu cif ba, uba da uwa, akwai gyara.

Matan da za a zana ba huɗu kaɗai ba ne, domin mutum kan auri fiye da haka a tsawon rayuwarsa. Wadda ta rasu da wadda aka saki duk a bar su a wurinsu, a sa wa aurarrakin lamba bisa yadda aka ɗaura su, a gitta ɗan layi a kan auren da ya mutu. Share matar da ta fita kuskure ne babba, domin 'ya'yan da ta haifa a wani gida 'yan'uwan naku ne ta uwa. Agola ya rataya a layin uwarsa da mahaifinsa, ba a na maigida ba. Ɗan riƙo a haɗa shi da mariƙinsa da layin ɗigo-ɗigo. Shayarwa ma a ba ta tata alamar, tun da tana haramta aure kamar yadda jini ke haramtawa.

Amfanin wannan tsantseni ya fi fitowa ranar rabon gado. A ce mutum ya rasu ba ɗa, ba jika, ba iyaye, ba kakanni. Ya bar mata ɗaya, da shaƙiƙi, da ɗan uba, da ɗan'uwa na uwa ɗaya. A kasa dukiyar kashi 12: matar ta ɗauki 3, ɗan'uwan na uwa ya ɗauki 2, shaƙiƙi ya kwashe sauran 7, ɗan uba bai samu komai ba. Zanen da ya rataya kowa a jikin uba zai nuna shaƙiƙi da ɗan uba daidai suke, na uwan kuwa ba zai ma bayyana ba.

Auren zumunci kan sa mutum ɗaya ya faɗo wuri biyu, a matsayin 'yar baffa kuma matar gida. A rubuta ta sau ɗaya da lamba, a maimaita lambar kaɗai a ɗaya wurin. Lambar tana kuma raba takwarori, a gidan da ke da Muhammadu biyar.

Wahala ta gaske ita ce samo sunayen iyaye mata, domin alkunya ta rufe da yawa a ƙarƙashin Inna da Goggo da Hajiya Babba. Wanda zai yi wannan aiki ya fara da zama wurin tsofaffin matan gidan, ya rubuta sunan yanka tare da laƙabi, sannan ya karanta wa kowane ɗaki nasa reshen su tabbatar kafin ya sa tawada.